Bayan An Ajiye Waya: Wasiƙar Da Mai Neman Aiki Zai Aika Wa Manaja

Kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu da yawa ba sa kiran mai neman aiki ofis tun karon farko. Waya suke fara buga masa. Hira ce gajeriya, yawanci minti 15 zuwa 30, kuma rage jama'a ake yi da ita: a ji ko abin da mutum ya rubuta a takardarsa ya san shi da gaske, ko albashin da yake hange bai fi ƙarfin kamfanin ba, ko zai iya zama a garin da aikin yake. Wanda ya tsallake shi ake gayyata ganawa ta ido da ido, ko a ba shi jarrabawa.

Da an ajiye waya, yawancin matasanmu hanya biyu suke bi. Wani ya yi shiru yana jiran ikon Allah, don kada a ce ya cika naci. Wani kuma ya hau kiran lambar safe da yamma, in ba a ɗauka ba ya koma WhatsApp. Akwai hanya ta uku wadda masu ɗaukar ma'aikata suka saba da ita, kuma ba wanda zai ga baƙinka a kanta: gajeriyar wasiƙar imel, wadda za ta tuna wa manaja dalilin da ya sa ka dace da aikin, ta kuma tambaye shi abin da ke gaba.

Kafin ka rubuta, sa kanka a kujerar manajan. A ce ya yi magana da mutum goma cikin kwana biyu. Bai ga fuskar kowa ba, murya kawai ya ji, wani lokacin ma sabis yana yankewa. Abin da ya rage masa 'yan kalmomin da ya yi ta rubutawa a gefen takarda ne, ga kuma aikinsa na yau da kullum yana jiransa, domin ɗaukar ma'aikaci ƙari ne a kan abin da ke gabansa. Zuwa jibi muryoyin sun cakuɗe masa. In ya zauna zai zaɓi mutum uku ko huɗu, wanda ya fi tunawa da shi ya riga ya samu rabin hanya. Aikin wasiƙarka ke nan: ta ajiye masa a rubuce abu guda tak da zai riƙe ka da shi.

Wasiƙa biyu daga mutum ɗaya

Bari mu ƙaga misali mu bi shi daki-daki. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke da sito a Sharaɗa, cikin Kano, yana neman jami'in kula da sito. Wata mata da ta shekara uku tana irin wannan aiki a wani kamfanin ta nema. Ranar Talata da ƙarfe 11 manajan sito ya kira ta, suka yi minti 20. A cikin hirar ya koka cewa duk ƙarshen wata in aka ƙirga kaya ba sa dacewa da abin da ke rubuce, musamman madara da man girki. Ya tambaye ta ko ta taɓa aiki da manhajar lissafin da suke amfani da ita, ta ce a'a. Ya tambaye ta yaushe za ta iya fara aiki, ta yi inda-inda, don ba ta tuna abin da takardar ɗaukarta ta ce ba. Daga ƙarshe ya ce akwai ganawa ta biyu, za a neme ta.

Ga irin wasiƙar da mutane da yawa za su rubuta. A Najeriya galibi da Turanci ake rubuta ta, a Nijar da Faransanci, amma tunanin da ke cikinta ɗaya ne:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya iyali? Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na rubuto ne domin in yi godiya marar iyaka bisa damar da aka ba ni. Ni mace ce mai ƙwazo, mai gaskiya da riƙon amana, kuma ina iya aiki a kowane hali. Na daɗe ina neman aiki mai kyau, ga nauyin ƙanne a kaina. Don Allah a taimaka a duba lamarina. Ina sauraron kiranku a kowane lokaci."

Ladabi ya cika a wannan wasiƙa, kuma ba mamaki duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Illarta ita ce kowane ɗaya daga cikin mutum goman nan zai iya sa hannu a ƙarƙashinta ba tare da ya canza kalma ba. Ba ta ambaci aikin ba, ba ta ambaci abin da aka tattauna ba, ba ta yi tambayar da za a amsa ba. Kuma ta juya maganar: manaja yana neman wanda zai warware masa matsala, ita kuma ta miƙa masa tata matsalar. Tausayi yana sa a yi maka addu'a ko a ba ka kuɗin mota, amma manajan da shi ma ake tuhuma kan ɓatan kaya ba zai damƙa makullin sito saboda tausayi ba.

Ga ta biyu:

"Kan wasiƙa: Gurbin jami'in sito, Sharaɗa: bayan hirarmu ta yau Talata

Barka da yamma, Malam Wane.

Na gode da lokacin da ka ba ni ɗazu a waya kan gurbin jami'in sito.

Ka ambaci cewa ƙidayar ƙarshen wata ba ta dacewa da abin da ke rubuce, musamman a madara da man girki. Na tarar da irin haka a siton da nake aiki, mai nau'in kaya kusan 300. Sai muka daina jiran ƙarshen wata: kowace safiya muna ƙirga nau'i 15, kuma ba katan ɗin da zai fita sai direba da mai lodi sun sa hannu a wayabil. Cikin wata huɗu giɓin ya sauko daga kimanin katan 40 a wata zuwa ƙasa da 5. Ina ganin tsarin zai yi amfani a sitonku.

Game da ranar fara aiki, na duba takardar ɗaukata: notis na wata guda ne. Saboda haka zan iya farawa kwana 30 bayan na karɓi takardar ɗauka daga gare ku.

Ka ce akwai ganawa ta biyu. Yaushe kuke sa ran tsayar da waɗanda za su zo, kuma akwai abin da ya kamata in tanada? Ina da sarari kowace rana daga ƙarfe 2 na rana, ban da Juma'a.

Na gode."

Sai cikakken sunanta da lambar wayarta a ƙasa. Duka-duka bai kai kalma 200 ba, kuma manaja zai karanta ta a fuskar wayarsa yana tsaye bakin sito.

Inda ƙarfin wasiƙar yake

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, kuma shi ya fi wahalar rubutawa. Dubi yadda aka jera shi. Ya fara da maganar manajan, ba da tata ba. Wannan ya nuna masa ta saurare shi, abin da ba kowa ke yi ba, domin mai neman aiki yakan shagala da shirya amsar da zai bayar har abin da ake gaya masa ya wuce shi. Sannan ta kawo abin da ta yi da hannunta a kan irin wannan matsala, sannan sakamakonsa da lamba.

Duk wanda ya san aikin sito zai gane lissafin da ke ciki ba sai an fassara masa ba. Nau'i 15 a rana, cikin kwanakin aiki 20, ya zama 300. Wato kowane kaya ana ƙirga shi sau ɗaya a wata ba tare da an rufe sito ba, kuma in an samu giɓi ana gano shi tun direban da ya ɗauki kayan bai manta da tafiyar ba. Ba ta ce ita ƙwararriya ce ba. Ta bar shi ya faɗa da kansa.

A nan ne tarbiyyarmu takan taka mana burki. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin "ni mai ƙwazo ce" da "giɓin ya sauko daga katan 40 zuwa 5". Na farko yabon kai ne, domin ba wanda zai iya tabbatar da shi. Na biyu rahoto ne, ana iya kiran tsohon maigidanka a tambaye shi. Magini in ya zo neman aiki, aka ce masa rufin ɗaki na yoyo, bai kamata ya tsaya rantsuwa cewa shi mutumin kirki ne ba. Gidan da ya gyara bara zai nuna, ya ce a je a duba ko damina ta shiga. Mai kunya ma zai iya wannan.

Tunda ana iya tambaya, to lambar da za ka rubuta ta zama gaskiya. Kamfanoni da yawa suna kiran waɗanda ka bayar a matsayin masu shaidarka kafin su ba ka takarda, kuma a ganawa ta biyu za a iya ce maka ka bayyana yadda ka samo lambar. In ba ka tabbata ba, rubuta "kimanin", ko ka bar lamba ka faɗi abin da ya canza: mai binciken kuɗi ya daina dawo da rahoton sito, ko an daina zubar da kayan da wa'adinsu ya ƙare. Haka kuma kada ka tona asirin inda kake aiki. Matar nan ba ta faɗi sunan abokan cinikinsu ba, ba ta faɗi kuɗin da kamfanin ke samu ba. Manajan da ya ga kana baza sirrin maigidanka na yanzu ya san gobe nasa za ka baza.

Wanda bai taɓa aiki ba fa, kamar wanda ya gama bautar ƙasa kwanan nan? Shi ma yana da abin nunawa in ya duba da kyau: rajistar ɗalibai da ya gyara a makarantar da aka tura shi, littafin bashi na shagon yayansa da ya mayar cikin Excel, kuɗin ƙungiyar ɗalibai da ya riƙe har ya miƙa ba a samu saɓani ba. Sharaɗin dai shi ne abin ya haɗu da matsalar da manajan ya ambata. Misali guda mai alaƙa ya fi biyar marasa alaƙa.

Duk wannan ba zai yiwu ba in ba ka riƙe abin da aka faɗa ba. Saboda haka wasiƙar tun a kan waya take farawa. Ajiye biro da takarda kusa da kai. Rubuta sunan mai kiran da muƙaminsa, in bai faɗa ba ka tambaya. Rubuta duk abin da ya maimaita ko ya yi ƙorafi a kai. In ya ce ko kana da tambaya, tambaye shi abin da ya fi damunsu wanda suke so sabon ma'aikaci ya fara magancewa. Amsar da zai bayar ita ce sakin layinka na biyu.

Gyara guda, ba uku ba

A hirar matar ta yi tuntuɓe sau biyu: ba ta san manhajarsu ba, kuma ba ta iya faɗin ranar fara aiki ba. A wasiƙar guda ta gyara. Me ya sa ta zaɓi ranar fara aiki? Domin tambaya ce da aka bari a buɗe, kuma tana da amsa tsayayya wadda manajan ke buƙata don ya tsara aikinsa. Maganar manhaja kuwa an riga an amsa ta da gaskiya. Sake tayar da ita tuna masa rauni ne kawai, sai fa in shi ya nuna cewa nan ne babbar damuwarsa. In haka ne, jimla ɗaya ta isa: ban yi aiki da manhajarku ba, amma lissafin sitonmu ni na tsara shi a Excel, kuma ni ke koya wa sababbin ma'aikata. Ba neman afuwa, ba dogon bayani. Wasiƙar da ta cika da "ka yi haƙuri ban amsa da kyau ba" tana sa manaja ya tuna kurakuran da wataƙila bai ma lura da su ba.

Batun notis kada a yi masa cinta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta ajiye mafi ƙarancin wa'adi gwargwadon daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Sai dai takardar ɗaukarka ita za ka fara dubawa, domin kamfanoni da yawa wata guda suke rubutawa, wasu ma fiye ga manyan ma'aikata. Mai ɗokin aiki yakan ce "ko gobe ma zan fara". Manaja mai hankali ba ya jin daɗin wannan daga wanda ke aiki a wani wuri, don ya ga yadda shi ma za a bar shi wata rana.

Albashi kuwa, in ba su suka ce ka turo adadi a rubuce ba, bar shi. Lokacinsa na zuwa, kuma ka fi ƙarfin ciniki bayan sun zaɓe ka.

Yadda ake tambayar abin da ke gaba

"Ina sauraron kiranku" ba tambaya ba ce, don haka ba a amsa ta. "Na ci ko ban ci ba?" tambaya ce, amma ta matsa wa manaja ya faɗi abin da bai riga ya yanke ba, wataƙila ma ba shi kaɗai ke yankewa ba. Tambayar da ake amsawa ita ce wadda za a iya amsa ta da layi guda ba tare da an yi maka alkawari ba: yaushe kuke sa ran tsayar da magana, wane mataki ne ke biye, akwai abin da zan tanada? Ko manajan da aiki ya sha masa kai zai iya rubuta "ƙarshen mako mai zuwa" ya tura.

In an riga an gaya maka a waya cewa za ka ji daga gare su ranar Alhamis, kada ka sake tambayar rana, sai a ga ba ka saurara ba. Maimaita ta kawai: kamar yadda ka ce, ina sauraron sakamako ranar Alhamis. Ka mayar da maganar baka rubutacciya ke nan, kuma ka samu madogara in ranar ta wuce.

Faɗin lokutan da kake da sarari yana rage kai-kawo. In aikin na wata ƙasa ne, ko na ƙungiyar da ofishinta ke waje, rubuta cewa agogon Najeriya ko na Nijar kake nufi. Nairobi tana gaban Kano da awa biyu, Accra tana bayanta da awa ɗaya, Landan kuwa wani lokaci agogonmu ɗaya, wani lokaci tana baya da awa guda, domin suna juya agogo sau biyu a shekara. An sha rasa ganawa a kan wannan awa ɗayar.

Wa za a aika wa, kuma yaushe

A ƙaramin kamfani wanda ya kira ka yawanci shi ne zai zama shugabanka. A babba kuwa sau da yawa jami'in sashen kula da ma'aikata ne ke kiran farko, ko ma wani kamfanin dillancin ma'aikata da aka ba kwangila. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ka yi magana da shi, shi za ka rubuta wa. In manaja ne ya kira amma jami'in ma'aikata ne ya shirya kiran, sa manaja a layin To, jami'in a layin Cc, domin shi ke riƙe da jadawalin ganawa. In ba ka da adireshin manajan, aika wa jami'in ka roƙe shi ya isar. Abin da ba shi da kyau shi ne ka tsallake su duka ka binciko adireshin babban darakta. Wasiƙar za ta dawo teburin wanda ka tsallake, kuma ya ga abin da ka yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe imel ɗin da aka gayyace ka da shi ka danna Reply, don wasiƙarka ta zauna ƙarƙashin tasu, sunan gurbin yana sama. Amma duba adireshin tukuna. Manyan kamfanoni suna amfani da manhajojin ɗaukar ma'aikata irin su Workday da Greenhouse, kuma wasu saƙonninsu daga adireshin da ya fara da no-reply suke fitowa, wanda ba mai karanta abin da aka mayar masa. Shi ya sa yana da kyau kafin a ajiye waya ka ce: wane adireshi zan rubuto in ina da tambaya? In kuma gayyatar an tura ta ne ga masu nema da yawa a haɗe, kada hannunka ya kai ga Reply all, sai abokan takararka duka su karanta.

Kada ka aika daga adireshin ofishin da kake aiki yanzu. Kuma adireshinka na kanka ya kasance sunanka ne, ba laƙabin da abokai suka sa maka a sakandare ba. Gaisuwa layi guda ta isa, da sunan da mutumin ya gabatar da kansa da shi. Duba rubutun sunan sau biyu, ka kuma tabbata namiji ne ko mace in ba shi ne ya kira ka ba.

Lokaci: a ranar, ko kafin awa 24 ta cika, domin ana iya tsayar da sunayen ganawa ta biyu cikin kwana ɗaya ko biyu. In sai dare ka samu nutsuwa, rubuta ka ajiye. Gmail yana da Schedule send, sai ka sa ta tashi ƙarfe 8 na safe. In hirar ranar Juma'a aka yi, aika da yammacin ranar, kada ka bari sai Litinin. Inda kuwa duk maganar ta WhatsApp aka yi, kamar yadda ƙananan kamfanoni da yawa ke yi, can za ka rubuta, amma ka taƙaita zuwa layi huɗu ko biyar, a saƙo guda. Ban da saƙon murya, kuma kada lambar manaja ta shiga jerin waɗanda kake tura wa gaisuwar Juma'a.

In aka yi shiru

Sau da yawa za a yi shirun, kuma ba lallai ne yana nufin an ƙi ka ba. Manaja ya yi tafiya, ko ana jiran sa hannun na sama, ko ƙungiya tana jiran kuɗin masu ba da tallafi su sauka, ko an yi wa wani tayi ana jiran amsarsa kafin a waiwayi na biyu. Fara duba akwatin Spam, domin gayyata takan faɗa can.

In an ba ka rana, bari ta wuce da kwana biyu na aiki. In ba a ba ka ba, jira kamar mako guda. Sannan ka rubuta a ƙarƙashin wasiƙar farko. Matar misalinmu za ta ce: "Barka da safiya, Malam Wane. Ina tuntuɓa ne kan gurbin jami'in sito da muka tattauna ranar Talatar makon jiya. Har yanzu ina sha'awar aikin. Ko an tsayar da ranar ganawa ta biyu?" Shi ke nan. Ba ƙorafi, ba "na ga kun manta da ni". In wannan ma ba a amsa ba, a ganina ka bar shi haka, ka ci gaba da nema a wasu wurare, wanda dama bai kamata ka dakatar ba. Tuni na uku da na huɗu ba sa canza ra'ayin kowa, sai dai su sa a riƙe sunanka ta inda ba ka so.

Hali guda ne ya halatta ka gaggauta su: in wani wuri ya ba ka takarda da wa'adin amsa. Sai ka faɗa a fili cewa an yi maka tayi, ana son amsarka ranar kaza, amma aikinsu ka fi so, ko za su iya sanar da kai matsayinka kafin nan. Wannan yakan motsa magana. Amma kada ka ƙirƙiri tayin da babu, domin amsar na iya zama "Allah ya sa alheri, karɓi wancan".

Wasiƙar tana da iyaka, kuma gara a faɗa. Ba za ta ɗaga wanda bai cika sharaɗin aiki ba, kamar wanda ba shi da lasisin da sana'ar ke buƙata. Ta fi tasiri inda mutum biyu ko uku suka yi kusa da juna, manaja yana jujjuya su a ransa. A aikin gwamnati da ake nema ta shafin hukuma, da manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da kwamiti ke ba da maki a takarda, tasirinta kaɗan ne, wasu ma suna rubutawa a tallar aikin cewa duk wanda ya yi kamun ƙafa za a cire sunansa. In ka ga haka, tsaya ga godiya ta layi biyu zuwa adireshin da suka bayar, ko ka bari gaba ɗaya.

Tambayar nan ta "mene ne mataki na gaba" tana da wani amfani: kai ma kana gwada su da ita. Kamfanin gaske zai ce ganawa, ko jarrabawa, ko a kawo takardun shaida. In amsar ta zo cewa ka tura kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya zuwa asusun wani mutum, ko ka aiko da lambar sirrin katinka na banki, ko lambobin da banki ya turo maka ta waya, to babu aikin, 'yan damfara ne suka yi maka hirar. Kada ka tura ko sisi, kuma ka sanar da wanda ya turo maka tallar don kada ya ci gaba da yaɗa ta.